Lissafin Gishiri a Ruwan Tsimin Kayan Lambu

Wanda ya taɓa bin fadamun kogin Jama'are wajen garin Katagum da rani ya san yadda kayan lambu kan yi yawa a lokaci guda. Karas da kabeji da tattasai da kokwamba sai su cika kasuwar Azare har su yi kwantai, bayan wata biyu kuwa a neme su a rasa. Mutanenmu sun iya shanya, amma akwai wata dabara kuma, watau a tsima kayan cikin ruwan gishiri su yi tsami, su daɗe ba su ruɓe ba. Dabarar ba ta da wuya, sai dai duk ta rataya a kan lissafi guda, watau gishiri nawa za a zuba wa ruwa nawa. Shi ne nake so mu duba, domin darasi ne da malami zai iya koyar da shi a aji da sikeli da bokiti kaɗai.

Da fari sai mu san aikin gishirin. A jikin kowane ganye da kowane ɗan itace akwai ƙwayoyin halitta iri iri waɗanda ido ba ya gani. Waɗansu su ne masu ruɓar da abu, waɗansu kuwa dangin waɗanda ke mai da madara nono ne, su kuma sa gasara tsami. Masu tsamin nan suna jure gishiri kaɗan, masu ruɓarwa kuwa yawancinsu ba su jurewa. To, in gishiri ya yi daidai, sai masu tsami su sami fili, su ci zaƙin da gishiri ya jawo daga cikin kayan, su mai da shi tsami, tsamin nan kuma shi ne mai gadin abincin. In gishiri ya gaza, masu ruɓarwa su riga su. In ya yi yawa ainun, har masu tsamin su kasa aiki.

Ga ƙa'idar lissafin. In an ce ruwan tsimi mai gishiri 5 bisa ɗari, a wannan hanya tamu nufin shi ne kowane giram 100 na ruwa a zuba masa giram 5 na gishiri. Ruwa ya yi mana alheri, gama lita ɗaya nauyinta kilo ɗaya ne, watau giram 1000. Saboda haka:

nauyin gishiri = nauyin ruwa × kashin da ake so ÷ 100

Misali, lita 2 giram 2000 ke nan. 2000 sau 5 ya ba da 10,000, a raba da 100 ya ba da 100. Ashe giram 100 na gishiri za a narka. Dattawan da suka yi makaranta zamanin laba da oza suna da tasu gajeriyar hanya: galan ɗaya na Ingila na ruwa laba 10 ne, don haka rabin laba na gishiri a galan guda shi ne 5 bisa ɗari. Lissafin ɗaya ne, ma'aunin kaɗai ya sake.

A nan sai ku lura da wani wuri inda yara kan rikice. Wanda ya zuba giram 50 cikin giram 1000 na ruwa, abin da ke bokitinsa yanzu giram 1050 ne. In an auna gishirin bisa nauyin haɗin duka, 50 cikin 1050 bai kai 5 bisa ɗari ba, wajen 4.8 ne. Littattafan kimiyya sun fi yin awo bisa nauyin haɗin, masu tsimi kuwa bisa nauyin ruwa, domin ya fi sauƙi. A ruwa mai gishiri kaɗan bambancin bai taka kara ya karya ba, amma yana girma in gishiri ya ƙaru. Giram 100 a lita ɗaya 10 ne bisa nauyin ruwa, amma 9.1 bisa nauyin haɗin. Iyakar abin da giram 100 na ruwa ke iya narkarwa wajen giram 36 ne, watau 36 a awonmu, 26 da ɗoriya a nasu. Saboda haka in kun karanta wani adadi a littafi, ku fara tambaya: bisa nauyin me?

Yanzu ga babbar maganar, wadda ni kaina sai da na yi hasara kafin na gane ta. Lokacin da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare, na haɗa tsimin kokwamba da yaran aji shida cikin watan Afrilu. Na auna lita ɗaya da rabi na ruwa, na narka giram 75, watau 5 bisa ɗari cif, ina ta alfahari. Muka danna kokwamba kilo 3 cikin bokiti, muka zuba ruwan ya rufe ta. Kwana huɗu da muka buɗe, sai wari ya tarye mu, kokwamba ta yi laushi tana yauƙi. Yara suka yi ta dariya, ni kuwa na koma ɗaki na sake lissafi.

Ga abin da ya faru. Kayan lambu kusan duk ruwa ne. Kokwamba wajen 95 bisa ɗari ruwa ce, kabeji wajen 92, karas wajen 88. Da an tsoma su, sai gishiri ya yi ta shiga cikinsu, ruwansu ya yi ta fitowa, har ciki da waje su yi daidai. Watau giram 75 ɗin nan nawa ba giram 1500 na ruwa kaɗai ya raba ba, har da giram 3000 na kokwamba, jimla 4500. In ka raba 75 da 4500, ka riɓa da 100, sai ka sami 1.7 bisa ɗari. Abin da ya kasa 2 bisa ɗari kuwa ba ya tsare kaya sosai, balle da bazarar Azare, inda zafi kan wuce digiri 40.

To, ashe adadin da aka narka da fari ba shi ne adadin ƙarshe ba, kuma na ƙarshen shi ne wanda ƙwayoyin nan ke ji. In nauyin kaya da na ruwa ɗaya ne, ƙarfin gishiri yakan koma wajen rabi: kilo 2 na karas cikin lita 2 mai giram 100, ya zama 100 cikin 4000, watau 2.5 bisa ɗari. Wannan ya wadatar da hunturu, Disamba da Janairu, sa'ad da ɗaki ke da sanyi. Tsimi ya fi kyau tsakanin digiri 18 da 24. In zafi ya shigo, kome yana sauri, har ruɓa, sai a nemi 3 ko 3.5 a ƙarshe, a kuma ajiye mazubin a wuri mafi sanyi, misali gindin randa cikin jiƙaƙƙen yashi.

Da na san haka, ga yadda ya kamata in yi. In fara daga ƙarshe in komo baya. Kaya da ruwa giram 4500 ne, ina son 3 bisa ɗari: 4500 sau 3, a raba da 100, giram 135. Sa'an nan in mai da shi awon ruwa: 135 cikin 1500 ya ba da 9 bisa ɗari. Kun ji fa, ruwan da zan zuba sai ya kai 9 kafin tsimina ya tsaya a 3. Gaskiya ne mun ɗauki nauyin kayan duka kamar ruwa, alhali akwai ɗan tsoka a ciki, amma kuskuren kaɗan ne, kuma wajen ƙarin gishiri ya karkata, ba ya cutarwa.

Kada a auna gishiri da cokali ko gwangwani. Babban cokali na awo, in an shafe bakinsa, yakan ɗauki wajen giram 18 na gishiri mai laushi, amma mai tsakuwa yana barin sarari tsakanin ƙwayoyinsa, wanda ya sha raɓa kuma ruwa ya ƙara masa nauyi. In ba sikeli, ga dabara: ledar ruwan sha ta rabin lita giram 500 ce, gishirin kanti kuma an rubuta nauyinsa a jikin ledarsa. Ledar gishiri mai giram 250 ta yi wa ledar ruwa 10 daidai, watau lita 5, a kan 5 bisa ɗari.

Irin gishirin ma abin dubawa ne. Lissafinmu ya ɗauka cewa giram 100 da aka auna duk gishiri ne. Kantun Balma na dabbobi haɗe yake da ƙasa, mangul kuwa akwai kanwa a cikinsa. Kanwa kishiyar tsami ce, shi ya sa mata ke jefa ta a miya in tsamin yakuwa ya yi yawa. Wanda ya sa ta a tsimi ya kashe mai gadin da yake nema. Farin gishirin kanti shi ne na wannan aiki.

Sauran sharuɗɗan kaɗan ne. A tafasa ruwa a bar shi ya huce. Mazubi ya zama na gilas ko robar abinci, ban da tukunyar dalma ko bokitin kwano, gama gishiri da tsami suna cin ƙarfe. Tukunyar ƙasa kuwa tana tsatsafo, ruwa ya ragu, lissafi ya ɓaci. A danne kayan da faranti, a ɗora masa leda cike da ruwan gishiri irin na ciki, har kome ya nutse, domin abin da ya leƙo sama shi ke fara fumfuna.

Yaya za a san an dace? Bayan kwana biyu ko uku za a ga kumfa tana tasowa, ruwan ya yi hazo, ƙanshi ya zama kamar na nono. Cikin mako ɗaya zuwa biyu tsami ya kama har ciki, kayan kuwa suna nan da ƙarfinsu a haƙori. Farar yana mai laushi a saman ruwa yis ne, sai a kwashe ta. Amma in an ga fumfuna mai gashi, baƙa ko koriya ko ja, ko yauƙi da wari, to, a zubar duka, kada ma a ɗanɗana. In mako ya wuce ba kumfa ba tsami, sai ɗacin gishiri, to, gishiri ya yi yawa.

Ga tambayoyi uku da na ba yarana bayan mun sake gwadawa mun ci nasara da karas, ku ma ku gwada da naku:

1. Ledar ruwa 6, ana son 5 bisa ɗari bisa nauyin ruwa. Gishiri nawa?
2. An narka giram 250 cikin lita 4. Kashi nawa ke nan bisa nauyin ruwa?
3. Karas giram 1200, ruwa giram 800, ana son 3 bisa ɗari a ƙarshe. Gishiri nawa, kuma kashi nawa ne na ruwan?

Amsa: ta fari giram 150, ta biyu 6.25, ta uku giram 60, watau 7.5 bisa ɗari na ruwan.

Shawarata ga 'yan'uwana masu shirin fita koyarwa, ku sa yara su haɗa kwalba uku rana ɗaya, mai 1 da mai 3 da mai 10 bisa ɗari a awon ƙarshe, su rubuta nauyin kome a jikin kwalbar, su riƙa dubawa kowace safiya har mako guda. Ta farin a duba ta da ido da hanci kaɗai, ban da baki.