Garin Furotin da Lafiyar Ƙoda: Nawa Ne Ya Wadatar?

Matasa masu ɗaga ƙarfe a Gwandu da Kalgo sukan ji cewa ƙwanji ba ya fitowa sai da garin furotin na gwangwani. Iyaye kuwa sukan ce garin yana lalata ƙoda. Kowace magana tana bukatar awo.

Furotin shi ne sinadarin da jiki ke gina tsoka da shi. Baligin da ba ya motsa jiki sosai yana bukatar giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai ɗaga ƙarfe yana bukatar ninkin haka. A 2018 masanan Jami'ar Makmasta ta Kanada sun tattara bincike 49, suka gano cewa bayan kimanin giram 1.6 a kowane kilo, ƙarin furotin ba ya ƙara tsoka.

Alal misali, a ɗauki saurayi mai kilo 60. Bukatarsa giram 96 ce a yini, kuma daga akushi ake fara lissafi. Tuwo da furar da aka yi da giram 300 na dawa da gero za su ba shi kimanin giram 30. Ƙosai ko alala na giram 100 na wake za su ba shi 23, ƙwai biyu 12, kofin nono 8. Jimla 73 ke nan, saura 23. Ludayin awo ɗaya na garin, wato giram 30, ya isa ya cike giɓin. Haka ma giram 100 na tsokar kifi, ko giram 50 na ƙuliƙuli, za su kusan cike shi. Ashe garin ciko ne kawai. Ɗalibin da bai kai shekara 18 ba, abinci ya fi dacewa da shi, domin a kan baligai aka yi wannan awo.

To, ina batun ƙoda? Hanta tana mayar da rarar furotin zuwa yuriya, ƙoda kuma ta tace ta cikin fitsari. Aikin tacewa yana ƙaruwa, amma bincike bai nuna cewa wannan adadi yana raunana lafiyayyar ƙoda ba. Haɗarin yana ga wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu, ga shi kuma ciwon ƙoda yakan daɗe bai nuna alama ba. Saboda haka mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko kumburin fuska da ƙafa, ko fitsari mai kumfa, ya fara yin gwajin fitsari da na kiriyatinin a jini, sannan ya bi shawarar likita.

Abin da ya fi barazana ga ƙodar mai ɗaga ƙarfe a zafin bazarar Kabi shi ne ƙarancin shan ruwa, tare da yawan haɗiyar maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak. Fitsarin da ya yi duhu alama ce ta jiki na neman ruwa. Gwangwanin da ba shi da lambar NAFDAC kuwa, a bar shi a kanti.