Sunan da ke Kan Allo Ba Shi ke Biyan Bashi Ba

A aikina na lauya a Zariya, takardun ciniki da ake kawo mini daga cikin birni, musamman na dillalan hatsi da masu sarin kaya na wajen Ƙofar Doka da Babban Dodo, sukan zo da ciwo iri ɗaya. In na ce, "Alhaji, da wa kuka ƙulla?" sai ya faɗi sanannen sunan da kowa ya sani. In na duba inda aka sa hannu, sai in tarar da wani suna daban.

Mu ɗauki gishirin Dangote da ke kowane shago. Dangote ne a jikin buhu, amma kamfanin da ke yin sa NASCON Allied Industries Plc ne. Siminti na Dangote Cement Plc ne, sukari na Dangote Sugar Refinery Plc. Kowanne da rajistarsa, da daraktocinsa, da asusunsa, da basussukansa. A idon dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, kowane kamfani mai rajista mutum ne mai zaman kansa: shi ke ƙulla yarjejeniya, shi ke kai ƙara, shi ake kai ƙara. Kamar 'yan gida ɗaya ne a cikin birni, zaure ɗaya, sunan kaka ɗaya, amma kowa da tukunyarsa, kuma ba a kama wa a kan bashin ƙane sai in ya tsaya masa. Wannan tsari halal ne a doka, ba zamba ba ne. Matsalar tana faruwa ne idan kai mai ba da kaya ba ka san da wane ɗan gidan ka yi ciniki ba.

Wani dillalin masara ya kai tirela biyu, buhu 600, ga wani rukunin kamfanoni masu sarrafa abincin kaji, a kan za a biya shi bayan wata guda. Tambarin rukunin na saman takardar oda, babba, da kala. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa an sa hannu ne a madadin wani ƙaramin kamfaninsu da ke sayo musu hatsi kawai. Kafin alƙalamin da aka ba shi kuma daga asusun kamfaninsu na sufuri ya fito. Da biya ya tsaya, ya zo yana cewa a kai rukunin kotu, ai ga masana'antarsu nan da manyan motoci.

Rukunin kuwa ba shi da rajista da wannan sunan, suna ne na talla. In aka shigar da ƙara da sunan da ba mutum ba ne a doka, lauyansu zai miƙe ya ƙalubalanta, kotu tana iya korar ƙarar, a koma farko bayan an ɓata kuɗi da lokaci. Masana'antar da yake hange ta wani kamfanin ce da bai sa hannu a komai ba. Wanda ya sa hannun, da muka bincika, ofishin haya kawai gare shi. Ko an yi nasara a kansa, kadararsa kaɗai za a kama. Kotu takan ɗage wannan shinge ta bi masu kamfani, amma sai an tabbatar da abu mai nauyi irin zamba, kuma tabbatar da ita ba ƙaramin aiki ba ne. Abin ya yi mini ciwo, domin yawancin masarar bashi ya ɗauko daga manoma.

Binciken da zai kare shi bai wuce na ɗan lokaci a waya ba. Ka nemi cikakken suna da lambar rajista tun kafin a loda mota. Lambar kamfani tana farawa da RC, sunansa kuma yana ƙarewa da Limited ko Plc. In ka ga BN, sunan kasuwanci ne kawai aka yi wa rajista, mai shi ne da kansa ke ɗauke da nauyin, don haka sunansa na yanka ya shiga takarda. Sai ka sa sunan a shafin bincike na Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ka ga ko ya dace da lambar harafi da harafi, da ko an nuna ACTIVE ko INACTIVE. Kalma ɗaya ta bambanta, to wani kamfani ne. Ka sani dai, ACTIVE ba ya nufin kamfanin yana da dukiya.

Bayan haka ka jera takardu uku: yarjejeniya, takardar oda, da shaidar biyan kuɗi. Suna ɗaya ya kamata ka gani a kansu duka. In sun saɓa, a rubuta a cikin yarjejeniyar wane ne mai saye, wane ne mai biya a madadinsa. Mai sa hannu kuma ya rubuta sunansa da muƙaminsa; in ba darakta ba ne, ya kawo takardar izini daga kamfanin.

In kayan da yawa kuma bashi ne, mai sa hannun ƙaramin kamfani ne, ka nemi babban kamfanin da ke da masana'antar ya rubuta maka takardar tsayawa, da cikakken sunansa da lambarsa ta RC, cewa in ba a biya ranar kaza ba shi zai biya. In suka ƙi, ka rage kayan ko ka karɓi kuɗinka kafin a sauke.