Yadda Ake Rubuta Jimlar Farko a Gajeren Bidiyo Kan Tattalin Kuɗin Ɗalibi

Ɗalibai da yawa da ke zaune a Tudun Wadan Zariya, musamman 'yan Jami'ar Ahmadu Bello reshen Kongo, sun shiga harkar ɗora gajerun bidiyo a TikTok da Facebook da YouTube. Cikin batutuwan da suka fi jan hankali akwai yadda ɗalibi zai lallaɓa ɗan kuɗin hannunsa ya kai shi ƙarshen wata. Ba abin mamaki ba ne, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka tashi, sannan a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari.

Sai dai sau da yawa shawarar da ke cikin bidiyon tana da kyau, amma ba a tsaya an ji ta ba, saboda mai kallo ya shafa allo ya wuce kafin a zo wurin. Wannan darasi zai tsaya ne kan abu guda: jimlar da ake buɗe bidiyo da ita, wadda ke aiki kamar ƙugiyar kamun kifi.

Me ya sa daƙiƙa uku?

A gajeren bidiyo mai kallo bai zaɓi abin da zai gani ba, manhaja ce ta tura masa. Yatsansa na kan allo, kuma datarsa ce ke tafiya. Su ma manhajojin suna lura da wannan ɗan lokaci. Facebook na da ma'aunin da ya kira `3-second video views`, wato adadin kallon da ya kai daƙiƙa uku. YouTube Studio kuma na nuna kason waɗanda suka tsaya da na waɗanda suka wuce. Bidiyon da ake yawan tsallakewa ba kasafai manhaja ke ci gaba da tura shi ga sababbin mutane ba.

Hanya mafi sauƙi ta auna tsawon jimla ita ce ƙirga gaɓoɓinta. A duba wannan buɗewa da aka saba ji:

"Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwana ɗalibai, barkanmu da sake haɗuwa a wannan shiri."

Gaɓa 33 ke cikinta. Duk wanda ya kunna agogon wayarsa ya karanta ta a tsanake zai ga ta haye daƙiƙa biyar, kuma har ta ƙare ba a ambaci kuɗi ba. A rediyo wannan daidai ne, domin mai sauraro ya riga ya kamo tashar. A TikTok kuwa baƙo ne ake tarewa a hanya. Ba ana nufin a yar da sallama ba ne. Ana iya taƙaita ta zuwa kalma biyu a sa ta bayan jimlar farko, ko a rubuta ta a bayanin da ke ƙasan bidiyon. Abin da za a nufa shi ne jimlar farko kada ta wuce gaɓa 15 zuwa 18.

Abu biyu da jimlar za ta ɗauka

Na farko shi ne adadi. "Yadda za ka yi tattalin kuɗi" ba ta sa kowa tsayawa, don kowa ya sha jin ta. Amma "dubu biyar a wata" abu ne da ɗalibi zai auna da aljihunsa nan take. A nan Hausa na da wata 'yar matsala: lambobinta na da tsawo a baki. Kafin a furta "naira dubu goma sha uku da ɗari bakwai da hamsin" lokaci ya ƙare. Don haka a baki sai a dunƙule, a ce "kusan dubu goma sha huɗu" ko "rabi", a bar cikakken adadin ya fito a rubuce a kan allo.

Na biyu shi ne abin da mai kallo ya sani da idonsa: Keke Napep, garin kwaki, kuɗin hotokwafi, kasuwar Tudun Wada, ƙofar Kongo. Wasu na gudun ambaton wuri don kada a ce bidiyon na 'yan unguwa ɗaya ne. Amma ɗalibin Kano ko na Sakkwato ma keke yake hawa, kuma jin sunan wuri na gaske shi ke nuna masa mai maganar ba kwafo ta ya yi ba.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, yana ba wanda ya nemi kuɗin ɗawainiya naira 20,000 a wata. Idan aka raba wa kwana 30, kullum ya tashi a kan naira 666. Wannan adadi ne da ɗalibai da dama suka sani, don haka ya dace a gina bidiyo a kansa.

A ƙaddara wata ɗaliba ce ke haya a Tudun Wada tana zuwa lacca Kongo. A ƙaddara kuma tana biyan naira 250 zuwa, 250 dawowa. Wannan farashi na misali ne kawai, mai yin bidiyo sai ya sa abin da yake biya a zahiri. Naira 500 a rana, sau kwana 20 na lacca, ya zama naira 10,000, wato rabin kuɗin watan. Shawararta ita ce a hau keke da safe don kada a makara, a tako da ƙafa da yamma tare da abokan tafiya. Hakan zai rage naira 5,000, kimanin kuɗin kashewa na kwana bakwai.

Rubutunta na farko ya ce: "Yau zan nuna muku hanyoyin da ɗalibi zai bi ya yi tattalin kuɗinsa." Babu adadi, babu wuri, kuma kalmar "zan nuna" na gaya wa mai kallo cewa har yanzu ba a fara ba.

Na biyu ya ce: "Keke Napep na cinye rabin kuɗin NELFUND ɗinka." Gaɓa 15 ce, akwai adadi, akwai abin da aka sani. Amma tana da lahani biyu. Kalmar "ɗinka" da namiji take magana, ta bar mata a waje. Sannan maganar ba gaskiya ba ce ga wanda ke zaune a ɗakin kwanan makaranta, kuma shi ne zai fara zuwa ya ƙaryata ta a ƙasan bidiyon.

Na uku ya gyara duka biyun da canjin gaɓa ɗaya: "Keke Napep na cinye rabin kuɗin NELFUND ɗina." Yanzu labarin kanta take bayarwa, babu mai musa mata, kuma namiji da mace kowa zai fara lissafin nasa a zuci. Ga yadda sauran rubutun zai biyo baya:

Daƙiƙa 0 zuwa 3: jimlar farko, ana nuna hannu na miƙa wa mai keke kuɗi. A allo: "₦10,000 cikin ₦20,000".

Daƙiƙa 3 zuwa 10: "Salamu alaikum. Ɗari biyu da hamsin zuwa, ɗari biyu da hamsin dawowa, kwana ashirin." Ana nuna lissafin a takarda.

Daƙiƙa 10 zuwa 22: "Sai na koma hawa da safe kawai, da yamma mu tako mu uku."

Daƙiƙa 22 zuwa 30: "Dubu biyar ta rage min. Ku nawa kuke kashewa?"

A lura cewa hujjar jimlar farko ta zo kafin daƙiƙa ta goma. Jimlar buɗewa bashi ce aka ɗauka a wurin mai kallo, kuma da wuri ake biyan ta.

Bangaren waya da tace bidiyo

Jimla mai kyau na iya lalacewa wajen ɗauka. Yawancin mutane kan danna maɓalli, su ja baya, su ja numfashi, sannan su fara magana. Wannan shirun kan ci daƙiƙa guda. A manhajar CapCut sai a ja bidiyon zuwa daidai inda sautin kalmar farko ya fara, a danna `Split`, a goge guntun shirun da ya zo kafin wurin.

Rubutun allo kuma ya bayyana tun daga hoton farko, domin wasu na kallo ne a aji ko a cikin bas, sun rage sauti. A ajiye shi a sama da tsakiyar allo kaɗan, saboda ƙasa da gefen dama nan ne manhaja ke jera sunan mai shafi da maɓallanta. Kada rubutun ya maimaita abin da baki ke faɗa kalma da kalma. Baki ya ce "rabi", allo ya nuna lambobin.

Yadda ake gane inda matsala take

Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a buɗe alƙaluman bidiyon a duba zanen da ke nuna yawan masu kallo daƙiƙa bayan daƙiƙa. Kowane bidiyo na zubar da mutane a farko, wannan ba abin damuwa ba ne. Abin dubawa shi ne inda layin ya yi faɗuwa mai tsanani idan aka kwatanta da sauran bidiyon shafin.

Idan faɗuwar ta zo cikin daƙiƙa uku na farko, laifin jimlar ne ko hoton farko. Idan an tsaya amma aka watse wajen daƙiƙa takwas zuwa goma, jimlar ta yi aikinta, hujja ce ta makara. Idan kuma an kalla har ƙarshe amma sharhi ya cika da "ba haka farashin yake ba", to adadin ne ya tsufa. Farashi na saurin canjawa, don haka yana da kyau a rubuta wata da shekara a gefen allo.

Mai son gwaji zai iya ɗaukar buɗewa iri biyu ga bidiyo ɗaya, ya ɗora su a ranaku daban amma a lokaci iri ɗaya. Sai dai kada ya yanke hukunci da kallo hamsin ko ɗari, domin yawancinsu abokai ne da za su tsaya ko me ya faɗa.

Jimlar da ya kamata a guje wa

Akwai buɗewar da ke tara kallo amma ta ɓata suna, irin su "Yadda za ka ninka kuɗin makarantarka cikin mako ɗaya". Da irin wannan lafazi aka ja mutane zuwa MMM a 2016 da CBEX da ta rufta a Afrilun 2025. Haka nan kada a kira kuɗin NELFUND kyauta don a ja hankali, rance ne da za a biya.

Kafin a ɗauki kowane bidiyo, sai a karanta jimlar farko ga wani ɗalibi da bai san batun ba, a yi shiru. Idan ya ce "ta yaya?" ko "nawa kake biya?", ana iya kunna kyamara. Idan ya ce "to, madalla", sai a koma kan takarda.