Tsagewar Tsokar Bayan Cinya: Yaushe Ɗan Ƙwallo Zai Koma Gudun Ƙure Ƙarfi?

Naman bayan cinya tsokoki uku ne da suka taso daga ƙashin mazaunai suka gangara har ƙasan gwiwa, kuma aikinsu shi ne lanƙwasa gwiwa da mayar da cinya baya. A lokacin gudun ƙure ƙarfi, wato gudun da ɗan wasa ke zuba iyakar saurinsa, akwai ɗan taƙin da ƙafa ke wurgawa gaba tana shirin taka ƙasa, kuma a nan ne tsokokin ke miƙewa sosai alhali suna riƙe ƙafar kamar birki. A wannan taƙin ne tsagewa ta fi aukuwa, galibi a tsokar da ke gefen waje, inda ɗan wasa zai ji kamar an fizge shi ta baya, ya dafe cinya ya tsaya cak. Binciken da hukumar ƙwallon Turai ta ɗauki nauyinsa a manyan kulob-kulob ya nuna cewa wannan rauni ya tashi daga kashi 12 cikin 100 na dukkan raunuka a kakar 2001/02 zuwa kashi 24 a kakar 2021/22.

Babban kuskuren da likitocin fisiyo ke cin karo da shi a wurin 'yan wasa da masu horarwa shi ne ɗaukar gushewar ciwo a matsayin warkewa. Ciwon tafiya yakan ɗauke cikin 'yan kwanaki, sassarfa ma takan yiwu ba da daɗewa ba, domin dukkansu ba sa miƙe tsokar ƙwarai, ba kuma sa ɗora mata nauyin da gudun ƙure ƙarfi ke ɗora mata. Amma tabon da ke haɗe wurin da ya tsage yana nan ɗanye, ƙarfin tsokar kuma ya ragu musamman idan tana miƙe. Binciken asibitin wasanni na Aspetar da ke Doha ya gano cewa fiye da rabin raunukan da suka dawo sun dawo ne cikin kwana 25 bayan komawa wasa, kuma galibi a daidai wurin farko. Abin takaici shi ne yadda a filayen unguwa ake murza wurin da ƙarfi da man zafi tun ranar farko, abin da kan ƙara zubar jini a cikin naman, sannan a ba yaro maganin kashe ciwo ranar wasa, wanda ke toshe alamar da za ta gargaɗe shi.

Kafin a yi zancen gudu, wajibi ne a tabbatar raunin ba na fizgewar jijiya daga ƙashi ba ne. Idan ɗan wasa ya ji ƙara kamar wani abu ya tsinke, ciwon yana can sama a ƙashin mazaunai har zama ya gagara, jini ya taru cinya ta yi baƙi, to maganarsa ta likitan ƙashi ce cikin gaggawa, domin wani lokaci sai an yi tiyata. A matasan da ƙashinsu bai gama ƙosawa ba, jijiyar kan ɓalle ɗan guntun ƙashi ne, kuma hoton ƙashi yana nuna hakan.

Ga tsagewa ta yau da kullum, hukunci yana fitowa ne daga gwajin da ake kwatanta ƙafa mai rauni da mai lafiya. Da farko ana bin tsokar da yatsu ana dannawa daga sama har ƙasa, kuma ana son a rasa wurin da ke zafi. Sai ɗan wasa ya kwanta rigingine, a ɗaga cinya ta tsaya tsaye, ya miƙe gwiwa iyakar iyawarsa, a ga ko ta kai inda ɗayar ke kaiwa. Bayan haka ya kwanta rubda ciki, gwiwa a lanƙwashe kaɗan kamar digiri 15, ya ja dunduniya sama mai gwaji yana dannewa. Wannan matsayi ya fi muhimmanci, domin ƙafar da ta nuna ƙarfi sa'ad da gwiwa ke lanƙwashe sosai takan tona rauninta idan an kusa miƙe ta. Gwaji na ƙarshe, wanda masanin fisiyo ɗan ƙasar Suwidin Carl Askling ya tsara, ba a yin sa sai sauran sun fita lafiya: ɗan wasa na kwance rigingine, gwiwa a miƙe, zai wurga ƙafar sama da iyakar sauri sau uku. Ko da babu ciwo, idan ya ji shakka ko ya riƙe ƙafar, ana ƙara masa kwanakin atisaye sannan a sake gwadawa. Hoton maganaɗisu da ake kira em'ar'ai ba ya yanke wannan hukunci, domin a yawancin waɗanda suka warke hoton yakan ci gaba da nuna alamar kumburi.

A ɗauki misalin ɗan wasan gefe da ya ji fizga a cinyar dama yana bin ƙwallo, wanda kafin rauni yake cinye mita 30 cikin daƙiƙa 3.6 idan ya riga ya ɗauki gudu. Tun makon farko, da zarar tafiya ta daina ciwo, zai fara atisayen da ke sa tsoka aiki tana miƙewa a hankali, kamar tsayawa da ƙafa ɗaya a sunkuya gaba. A binciken Askling na 2013 a kan 'yan ƙwallon Suwidin, waɗanda suka bi irin wannan atisaye sun koma wasa cikin kwana 28 a matsakaici, waɗanda suka bi tsohon salo kuma kwana 51. Idan sassarfa ta samu, sai a auna fili: mita 20 na ɗaukar gudu, mita 30 na riƙe shi, mita 20 na sassautawa, mai horarwa yana riƙe da agogon waya. Kashi 60 na saurinsa shi ne cinye mita 30 ɗin cikin daƙiƙa 6, kashi 80 daƙiƙa 4.5, kashi 90 kuma daƙiƙa 4. Zai yi zagaye huɗu zuwa shida a kowane zama, a bar kwana ɗaya tsakanin zama da zama, kuma ba a hawa mataki na gaba sai an duba shi washegari an tarar babu zafi a wurin dannawa, ƙarfi bai ragu ba.

A ce ya kai daƙiƙa 4.5 lafiya, amma a mataki na gaba ya ji cinyar ta ɗaure, washegari kuma miƙewar gwiwa ta ragu. Wannan ba sabuwar tsagewa ba ce, amma shaida ce cewa tsokar ba ta kai wannan nauyi ba tukuna, saboda haka zai koma daƙiƙa 4.5 na zama biyu kafin a sake gwadawa. Daga kashi 80 zuwa sama ake ƙanƙanta matakai, kashi 5 a lokaci guda, domin a nan nauyin da ke kan tsokar ke ƙaruwa da sauri. Bayan ya maimaita daƙiƙa 3.6 a zama daban-daban, sai a haɗa da juyawa, bugun ƙwallo da gudu cikin gajiya, tunda raunin ya fi aukuwa a ƙarshen kowane rabin lokaci, sannan ya yi cikakken atisaye da 'yan ƙungiyarsa kafin a sa shi a wasa na mintuna kaɗan.

Komawa fili ba ta kawo ƙarshen atisayen ƙarfafawa, musamman wanda ɗan wasa ke durƙusawa, abokinsa ya riƙe masa idon sawu, shi kuma ya riƙa faɗuwa gaba a hankali, wanda bincike ya nuna yana rage wannan rauni da kusan rabi. Ana roƙon masu horarwa da shugabannin kulob da kada su sa sunan ɗan wasan da bai maimaita cikakken saurinsa a filin atisaye ba cikin jerin masu buga wasa, ko da wasan ƙarshe ne na gasa.