Kafin ka saya wa manoma manhajar bincike, ka tambayi wace Hausa ta iya

Wata ƙungiyar manoma ta kira ni in duba manhajar da aka gina musu, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Suna da takardun shawarwarin noma da Hausa, tuli guda, sai suka biya wani ya zuba su a manhaja, yadda malamin gona zai rubuta tambayar manomi a waya, amsa ta fito. Wata baiwar Allah ta zo da kuka: ƙwari sun shiga waken da ta adana a ɗaki. Malamin ya rubuta yadda ta faɗa. Abin da ya fito a sama shi ne bayanin yadda ake haɗa maganin feshi da ruwa a fesa wa wake yana fure a gona. Allah ya sa malamin dattijo ne da ya san aikinsa, ya ce, "Hajiya, wannan ba na abin da za a ci ba ne." Da yaro ne sabon ɗauka, da guba za a zuba a abincin 'ya'yanta.

Abin haushin, amsar da ta dace tana cikin takardun. Akwai shafi a kan buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ake ɗaurewa tam iska ta ƙare wa ƙwaron ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Manhajar ta tsallake shi.

Irin wannan bincike ba kalma yake nema ba. Kowane yanki na rubutu ana miƙa shi ga wani model, shi kuma ya mayar da jerin lambobi, wanda muke kira embedin. Lambobin adireshi ne. A taswira lamba biyu ke nuna gari: Kano tana wajen 12.0 da 8.5, Zariya 11.1 da 7.7, Legas 6.5 da 3.4. Ko ba ka taɓa tafiya ba, lambobin kaɗai sun gaya maka Zariya ta fi kusa da Kano. Embedin haka yake, sai dai maimakon lamba biyu, ɗaruruwa ne, kuma abin da suke aunawa kusancin ma'ana ne. Idan tambaya ta zo, ita ma a mayar da ita lambobi da wannan model ɗin dai, a auna kusurwar da ke tsakaninta da kowane yanki da ma'aunin kosain, wanda ke tashi daga -1 zuwa 1. Wanda makinsa ya fi kusa da 1 shi ke fitowa a sama.

Ba mutum ne ke zaunawa ya ba kalmomi lambobi ba. Model ɗin yana koya ne daga ɗimbin rubutu: kalmomin da ke yawan zuwa a cikin irin maƙwabta ɗaya, ana ta matso da lambobinsu kusa. Da haka `word2vec` ya yi suna a 2013, daga Tomas Mikolov da abokan aikinsa a Google, kowace kalma da jerinta guda. Daga baya BERT ya zo a 2018 yana duba kalma a cikin jimlarta, sannan Sentence-BERT a 2019 ya sauƙaƙa ba wa jimla sukutum jeri ɗaya. To ka ga, model bai san komai ba sai abin da ya karanta. Wanda bai karanta Hausa ba, ba shi da inda zai ajiye "rumbu" kusa da "ajiya".

Da na buɗe aikin, ga abin da na tarar: `all-MiniLM-L6-v2`. Model ne mai kyau, mara nauyi, lambobi 384 yake fitarwa, amma da Turanci aka horar da shi. Shi ne wanda ke cikin darussan koyo na kyauta da yawa, shi ya sa 'yan damfara ke kwafo shi su karɓi kuɗin mutane. Kuma ba zai taɓa yin ƙorafi ba. Ka ba shi Hausa, zai miƙo maka lambobi 384 cif, kamar ya gane.

Ga inda ta lalace. Kafin a kai ga lambobi, ana fara datsa rubutu gutsi-gutsi bisa ƙamus ɗin model ɗin. Wannan ƙamus bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma a tsarinsa, harafi ɗaya baƙo ya isa a jefar da kalmar gaba ɗaya a maye gurbinta da `[UNK]`. Wato "ƙwari" da "ɗaki" da "ɓera" duk abu ɗaya ne a wurinsa. A tambayar Hajiya, kalmar da ta fi ɗaukar nauyi ta ɓace tun a bakin ƙofa. Sauran kalmomin an farfasa su gutsattsarin da ba su da ma'ana, sai kamannin haruffa ya rage. Shafin feshi yana maimaita wake da magani, sai ya ci.

Ɓarna ta biyu ta fi ba ni takaici, domin sakaci ne zalla. Model ɗin yana tsayawa a gutsure 256, abin da ya wuce haka yana yanke shi shiru. Mutumin ya zuba kowace takarda ɗungurungum a matsayin yanki ɗaya. Hausar da aka farfasa tana cinye wannan adadi da wuri, don haka gaisuwa da gabatarwa kawai aka mayar lambobi. Bayanin buhun PICS yana can ƙasa, bai ma shiga lissafi ba.

Na datsa takardun sakin layi-sakin layi, kowane da kan maganarsa a manne, na koma kan model ɗin da ya ga Hausa. `LaBSE` na Google, mai lambobi 768 da harsuna 109, Hausa na cikinsu. Gwajin farko bai fi haka ba:

```python
from sentence_transformers import SentenceTransformer, util
m = SentenceTransformer("sentence-transformers/LaBSE")
a = m.encode("ƙwari sun shiga waken da na adana")
b = m.encode("ajiyar wake a buhu ba tare da magani ba")
print(util.cos_sim(a, b))
```

Shi ma kada a ɗauke shi waliyyi. An horar da shi ne ya gane jimla da fassararta, ba tambaya da amsarta ba, don haka sai an gwada shi da tambayoyin gaske. Kuma idan ka canja model, dole ka sake lissafa lambobin duk takardun. Lambobin wannan ba sa magana da na wancan.

Akwai abin da ko model mai kyau ke yawan tuntuɓe a kansa. "A fesa" da "kada a fesa" maganarsu ɗaya, maƙwabtansu ɗaya, lambobinsu sukan zo dab da juna. Kusancin ma'ana ba daidaiton amsa ba ne. Sannan binciken kullum yana da na ɗaya, ko da babu amsa a cikin takardun sam; mafi kusa a cikin na nesa zai miƙo. In ba a sa masa iyakar makin da ƙasa da shi zai ce "ban samu ba", to zai ba da ko mene ne.

Su ma shugabannin ƙungiyar ban wanke su ba. An gwada musu da tambaya ɗaya ta Turanci ranar miƙa aiki, suka tafa, suka sa hannu.

Kada ku karɓi aiki sai kun ji sunan model ɗin da harsunan da aka horar da shi. Kada ku karɓa sai an nuna muku yadda yake datsa "ƙwari". Maganar magani da guba, mutum ya karanta shafin gaba ɗaya kafin ya faɗa wa kowa. Ku tara tambayoyin da manoma suka yi da bakinsu, ku rubuta shafin da ya kamata kowace ta fito da shi, a gwada a gabanku. Ku rubuta wasu da ƙ da ɗ, wasu da k da d yadda ake bugawa a waya, domin a wurin model "ƙafa" da "kafa" hanyarsu daban, kuma malaman gona da yawa ba su da waɗannan haruffa a madannansu.