Darasi: Idan caca ta fara cin kuɗin cefane

'Yan uwana mata, a zagayen ƙungiyoyi da nake yi tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo na lura cewa caca ba ta shigowa gida da sunanta. Takan shigo a matsayin "kuɗin kati" ko "an cire mini a banki". Cacar ƙwallo ta yanzu a cikin waya take, kuma da naira 100 ma ana iya shiga. Mun san Alƙur'ani ya hana caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90, shi ya sa mai yin ta yake ɓoyewa. Aikinmu a yau shi ne mu gane ta tun ba ta cinye jari ba.

Wata 'yar ƙungiya a wajen Goronyo tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Kullum ranar zama takan zuba kaso huɗu na naira 500, wato naira 2,000. Sai muka ga sati huɗu a jere kaso ɗaya take zubawa. Na ja ta gefe na ce, "Inna, ciniki ne ya ja baya?" Ta ce, "Wallahi ɗiyata, ciniki na nan, kuɗɗin ne ban san inda suka shiga ba."

Ashe ɗanta mai shekara 19 ne ke riƙe mata waya da lambar sirrin asusunta. Da yardarta muka zauna da shi, muka duba saƙonnin cirar kuɗi. Satin farko ya sa naira 1,400 a caca, na biyu 2,100, na uku 3,500, na huɗu 6,000. Jimla naira 13,000. Sau ɗaya ya ci, naira 4,500. Asarar ta zama naira 8,500: dubu shida kason da ba ta zuba ba, 2,500 kuma daga jarin gyaɗa. Shi yaron cin nan guda kaɗai yake tunawa.

Ku dubi yadda kuɗin ke hawa kowane sati. Wannan ita ce babbar alama: mutum yana ƙara kuɗi don ya maido abin da aka cinye masa. Sauran alamun su ne cirar ƙananan kuɗi a kai a kai, musamman Asabar da Lahadi da ake yawan wasanni, da awo ya ragu alhali ciniki bai ragu ba, da fushi idan an tambayi lissafi. Alama ɗaya ba hujja ba ce. A rubuta shige da ficen kuɗi na sati huɗu kafin a zargi kowa.

Yaron ya ce mini, "Anti, wasa ɗaya ne fa kullum ke yanke mini tikiti." Na ba shi misali. A ce ka haɗa wasa goma, kowanne rabi da rabi ne, ko ka dace ko ka faɗi. Damar duka goman su zo daidai ita ce ɗaya cikin 1,024. Kuma kamfani ya riga ya cire ribarsa a cikin abin da ya ce zai biya.

Ga iyakokin da muka sa a gidan. Da farko Inna ta canza lambar sirrinta, yanzu da kanta take zuwa wurin mai POS, tare da ƙanwarta mai karatu. Na biyu, a ranar ciniki take raba kuɗi gida uku: na abinci, na jari, na ƙungiya, kuma ba a aro daga ɗaya zuwa ɗaya. Na uku, ta faɗa wa yaron a gaban kawunsa cewa ba za ta biya bashin caca ba, domin kowane biya ƙofar sabon bashi ne. Yaron ya goge manhajar, amma ba mu dogara da wannan ba, tunda cikin minti kaɗan ana iya maido ta. Tsare kuɗin shi ne maganar.

A ƙungiya kuma, duk mai karɓar rance ta faɗi abin da za ta saya, mata biyu su shaida an saya. Idan mai cacar maigida ne, kada ki tunkare shi lokacin da ya yi asara. Ki kai kasonki akwati ranar zama, ki nemi babban da yake jin nauyi ko liman. Idan akwai duka ko barazana, ki fara neman tsira wurin danginki.

Aikin gida: kowace ta ja layi ɗaya a takarda kan kowace naira 100 da ta fita daga hannunta ko wayarta a wannan satin. A zama mai zuwa za mu ƙidaya tare, ba tare da kiran sunan kowa ba.