Amsoshin Tambayoyinku: Kuɗin Shago da Kuɗin Cefane

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa, mai shagon kayan masarufi, ya ce kullum ana ciniki, amma kaya sai raguwa suke yi, alhali daga aljihun shagon yake cefane.

To Malam, ciniki daban, riba daban. A ce ka sayar da kayan naira 40,000 a yini, ribarka kuma naira goma ce a kowace ɗari. Naira 4,000 ce taka, sauran 36,000 kuɗin saro kaya ne. Ranar da ka ɗebi 6,000 don cefane, ka ci 2,000 daga uwar kuɗi, in kullum haka kake yi, a wata guda 60,000 ke nan.

Ka yanka wa kanka albashin yini, misali 3,000, ka ɗauka sau ɗaya bayan rufe shago. Ko sabulu uwargida ta aiko a karɓa, a rubuta a cire daga albashin nan, don ta nan ɓarnar ta fi shigowa. Duk ƙarshen wata ka ƙirga kayanka a farashin sari, ka haɗa da tsabar kuɗi da bashin da kake bi, ka cire wanda ake binka. In jimillar ta gaza ta watan jiya, sai ka rage albashin.